Yaro mai azumi da darasin motsa jiki a makarantun Ingila: abin da doka ta ce

Iyaye Musulmi da ke zaune a Ingila da yawa suna ɗauka cewa da zarar azumi ya kama, yaronsu na da haƙƙin ya zauna gefe ana darasin motsa jiki. To ba haka dokar take ba. A manhajar ƙasa ta Ingila motsa jiki darasi ne na dole tun daga shekara 5 har 16, gwamnati ma na so a ba shi aƙalla awa 2 a sati. Uba na iya cire ɗansa daga darasin addini in ya ga dama, amma ba a ba shi wannan damar a motsa jiki ba.

Inda maganar take shi ne dokar daidaito ta 2010, wato Equality Act. Addini na cikin abubuwan da ta kare, kuma sashe na 19 ya hana wariyar da ke zuwa ta bayan gida, ma'ana makaranta ta kafa ƙa'ida ɗaya kan kowa amma a aikace wasu ne kaɗai ke jigata saboda addininsu. In makaranta ta yi haka sai ta nuna dalili mai kyau, kuma ta nuna ba wata hanya mai sauƙi da za ta kai ta ga wannan manufa. Shi ya sa abin da ake taɓawa shi ne nauyin darasin da lokacinsa, darasin dai na nan.

Mu ɗauki yarinya 'yar shekara 14 tana azumi, jadawali ya sa ajinsu gudun mita 1500 da ƙarfe 2 na rana, malami ya ce kowa sai ya yi kuma za a rubuta maki. Ta yi sahur wajen ƙarfe 5 na asuba, ke nan awa 9 ba ruwa, ga barcin da tarawihi ya cinye. Manufar malam ita ce ya auna juriyarsu, kuma manufa ce mai kyau, amma ai zai iya auna ta bayan Sallah, sati 3 ko 4 ba su canza komai ba, don haka "dole yau" ɗin nan ba shi da wata madogara. Abin da ya dace shi ne ranar ta shiga fili tare da kowa, ta yi tafiya da sauri ko sassarfa ta minti 5 ta huta, ko a ba ta agogo ta riƙe lokacin sauran, ko ta yi alƙalanci, ko a koma koyon dabara kamar miƙa ƙwallo da jifa a raga. Ma'aunin da malamai ke amfani da shi mai sauƙi ne: in tana motsi tana iya magana jimla guda ba haki, nauyin ya yi daidai.

Batun lokaci ya fi rikitarwa fiye da yadda ake zato. Kowa cewa yake a mayar da darasin safe, eh da safe jiki na da ruwa da ƙarfin sahur, amma in aka ce tunda safiya ce a zage a yi gumi sharkaf, yaron zai wuni da wannan rashin har magariba ba damar mayarwa. Safe ɗin ya fi, amma da matsakaicin nauyi. Kuma gaskiya canza jadawalin makaranta mai ɗalibai 1000 saboda aji ɗaya ba wasa ba ne, galibi abin da ake samu shi ne a canza abin da ake yi cikin darasin. Shekara ma na da tasiri, a 2016 azumi ya faɗo watan Yuni mutanen Landan na yin sama da awa 18, yanzu da ya gangaro Fabrairu da Maris awa 12 zuwa 14 ne cikin sanyi.

Akwai iyaka ɗaya da ba a ciniki a kanta. In yaro ya fara jiri, ciwon kai mai tsanani, ruɗewa ko ya yanke jiki, makaranta za ta ba shi ruwa ta kira gida, don kula da lafiyarsa wajibinta ne a doka, kuma a shari'a ma marar lafiya sha yake ya rama. 'Yan firamare kuwa yawanci ba su balaga ba, shi ya sa wasu makarantu ke roƙon iyaye kar su bari ƙaramin yaro ya ɗauki azumi ranar motsa jiki ko ninƙaya.

Malami ba zai san wa ke azumi ba sai an faɗa masa. A rubuta wa malamin aji kafin a ga wata, a faɗi ranakun da yaron zai yi, a tambayi ko akwai gwajin gudu ko gasa cikin watan. In aka ƙi saurare, kowace makaranta na da tsarin kai ƙorafi, ana farawa da shugaban makaranta sannan kwamitin da ke kula da ita.