Lanƙwasar jadawali a littafin da aka yi wa sikan

Lanƙwasar jadawali matsala ce da ake samu idan aka kifa littafi mai kauri a kan gilashin na'urar sikan. Takardar da ke kusa da ɗinki, wato kwarin da ke tsakanin shafi biyu, ba ta kwanciya a kan gilashi, sai ta ɗaga. A hoton da ya fito, layukan rubutu sukan tanƙwara a wajen, haruffa su matse, inuwa kuma ta rufe su. Dole a miƙar da hoton kafin manhajar OCR, mai mayar da hoton rubutu ya zama rubutun kwamfuta, ta karanta shi.

Wannan ba karkatar shafi ba ce. Shafin da ya karkata, juya shi kaɗan ya wadatar, domin layukansa a miƙe suke. Lanƙwasa kuwa ba ɗaya take a ko'ina ba. A na'ura mai ruwan tabarau, idan ɗinkin ya yi daidai da fitilar da ke zamewa, layukan sama sukan sunkuyo ƙasa, na ƙasa su ɗago sama, na tsakiya kuma su zauna kusan a miƙe. Matsewar faɗi ta danganta da yadda takarda ta tashi: a kusurwar digiri 45 harafi yakan fito da kusan kashi 71 cikin ɗari na faɗinsa, a digiri 60 kuwa rabi.

A rubutun zube ɓarnar da sauƙi, don kalmar da ta lalace ana gane ta daga maƙwabtanta. Jadawali ba shi da wannan gatan, saboda ma'anar kowace lamba tana ga sahun da take ciki.

A ɗauki misalin jadawalin ruwan sama a shafin hagu: shekara a farkon sahu, watanni goma sha biyu a jere, jimla a ƙarshe, dab da ɗinki. An yi sikan da ɗigo 300 a kowane inci, wato kusan ɗigo 12 a milimita. Tazarar sahu da sahu milimita 4 ce, ɗigo 47 ke nan. Idan lanƙwasa ta sauko da jimlar sahun farko, na shekarar 1961, da milimita 3, ta goce da ɗigo 35 daga nata sahun, saura ɗigo 12 kacal ta kai na ƙasa. Manhajar da ke haɗa sahu ta hanyar duba tsayin wuri za ta ba 1962 jimlar 1961. Abin da ya sa kuskuren ke da haɗari shi ne an karanta kowace lamba daidai, gidanta ne kawai ba daidai ba. Ana gane shi idan gidan jimla na sahun farko ya fito fayau, ko lamba biyu suka cushe a gida ɗaya can wajen tsakiya, ko aka tara watannin aka ga ba su ba da jimlar ba.

Wajen gyara, da farko ana raba shafukan biyu, a rage inuwar kwari. Sannan manhaja ta bi sawun kowane layi, ta zana lanƙwasarsa da lissafi, ta auna nisan da kowane wuri ya goce, ta mayar da ɗigogin mazauninsu. Haka manhajar sarrafa hoto ta Leptonica ke yi, kuma manhajar ScanTailor na ba mutum damar jan iyakar sama da ta ƙasa da hannu. Sai dai wannan hanya dogayen layuka take so, jadawali kuwa guntayen lambobi ne da fili a tsakani. Shi ya sa ake dogara da layukan da aka ja wa jadawalin in akwai su, ko a ari ma'aunin wani shafi na kusa mai cikakken rubutu, na hagu ga na hagu, na dama ga na dama. Gara a yi miƙarwar tun hoton yana da launin toka, domin idan an riga an mayar da shi baƙi da fari, siraran layuka kan tsinke.

Miƙarwa ba ta dawo da abin da na'ura ba ta gani ba. Lambar da ta shige cikin ɗinki, ko ta dushe har 3 da 8 suka zama ɗaya, sai an koma ga littafin. Don haka Internet Archive, wani ɗakin karatu na intanet, ke ɗora littattafai a kan mazauni mai siffar V, gilashi ya danne kowane shafi, kyamarori biyu su ɗauka. Google kuwa ta samu haƙƙin ƙirƙira a 2009 kan wata dabara ta haska wa shafi hasken da ido ba ya gani, a auna tudunsa da kwarinsa, sannan a miƙar da hoton bisa wannan awon.