Katin inshorar lafiya bayan ritaya: yana ci gaba da aiki, ko ya mutu da albashi?

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ya shekara 35 yana aiki, ana kuma yankar kuɗin inshorar lafiya daga albashinsa, in ya ɗauka katinsa zai bi shi gida bayan ritaya, ba a ga laifinsa ba. Sai dai ba haka tsarin yake ba. Inshorar ma'aikata da ke ƙarƙashin hukumar NHIA, wadda aka fi sani da tsohon sunanta NHIS, a ɗaure take da albashi. Da zarar sunan mutum ya fita daga jerin masu karɓar albashi, kuɗin da ake turawa asibitinsa ya tsaya, katin ma ya bi sahu.

Kuɗin da ake yanka ba ajiya ba ne. Nan ne mutane ke haɗa shi da fansho, alhali hanyarsu daban. A tsarin fansho na dokar 2014, ma'aikaci yana sa kashi 8 cikin ɗari, mai ba shi aiki ya sa kashi 10, a zuba a asusu mai sunansa, ya taru har ranar da zai ajiye aiki. Kuɗin inshorar lafiya kuwa tukunya ɗaya yake shiga, ta kowa da kowa. Daga cikinta ake biyan asibitin da ka zaɓa wani ƙayyadadden kuɗi duk wata a kan kanka, ko ka je ko ba ka je ba. Wanda bai taɓa ko ciwon kai ba tsawon shekarun aikinsa, kuɗinsa ya yi wa wasu magani, ba abin da ya rage masa da zai ce a ba shi. Kamar kuɗin haya ne: watan da aka biya, shi aka zauna.

Dokar NHIA da Shugaba Muhammadu Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2022 ta mai da inshorar lafiya tilas ga kowane ɗan ƙasa, ta kuma tanadi asusun masu rauni, inda ta ambaci tsofaffi tare da mata masu juna biyu da yara 'yan ƙasa da shekara biyar da nakasassu da marasa galihu. Amma ambaton tsofaffi a doka bai sa kowane ɗan fansho ya samu kati kyauta ba. Guraben kyautar ta hannun hukumomin jihohi suke bi, ana tantance mabuƙata, kuma ba su kai yawan masu nema ba. A ganina nan ne dokar ta yi rowa: ta sallami mutum daidai lokacin da hawan jini da ciwon suga da ciwon gwiwa suka fara sallama a ƙofarsa.

Akwai waɗanda abin bai shafa haka ba. Tsofaffin sojoji suna da nasu tsarin ta kamfanin DHML, wanda ke kula da su bayan sun tuɓe kaki. Ma'aikacin jiha kuma dokar jiharsa ce ke aiki a kansa, don haka ɗan fanshon Kano hukumar inshorar lafiyar jiharsa KSCHMA zai tambaya, na Kaduna KADCHMA, kuma amsar da aka ba ɗaya ba lallai ta zama ta ɗayan ba. Sai wanda matarsa ko mijinta ke aikin gwamnatin tarayya har yanzu. Tsarin ma'aikata yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'yan cikinsa huɗu da ba su kai shekara 18 ba. Maigida da ya yi ritaya alhali uwargida na bakin aiki, sai a shigar da shi ƙarƙashin sunanta, ba sai ya sayi sabuwa ba.

Sauran jama'a fa? Hanyar da ke buɗe gare su ita ce shirin GIFSHIP, wanda hukumar NHIA, tana NHIS a lokacin, ta ƙaddamar a 2020 domin waɗanda ba sa cikin tsarin albashi, har da 'yan fansho. A nan babu mai ba da aiki da zai ɗauki wani kaso. Kai za ka biya duka, na shekara guda a dunƙule, in shekara ta zagayo ka sabunta. An fara shi a naira 15,000 kowane mutum, a 2025 ya kai naira 38,718. Yadda aka tsara shi tun farko, mai shiga shi kaɗai yana biyan kuɗin mutum uku ne, wato shi da mutum biyu da ke ƙarƙashinsa, iyali kuma daga mutum huɗu, ƙungiya daga mutum goma. Shi ya sa shiga a ƙungiyance ya fi sauƙi ga tsohon da 'ya'yansa suka girma: abokan aiki goma da suka yi ritaya, ko reshen ƙungiyar 'yan fansho, su haɗu kowa ya biya na kansa kawai.

A ɗauki misalin wani akawu da zai cika shekara 60 a ƙarshen watan Maris, yana shan maganin hawan jini da na suga. Yana bakin aiki, in maganin wata ya kama naira 20,000, kashi 10 cikin ɗari yake biya a kantin maganin asibiti, wato naira 2,000. Bai yi wani shiri ba. Wata rana bayan ritaya ya je da katinsa kamar kullum, mai teburin inshora ta duba kwamfuta, ta sake dubawa, ta ce: "Baba, sunanka ba ya cikin jerin wannan watan." Katin yana nan lafiya lau a aljihunsa, ko lanƙwasa bai yi ba, amma asibiti jerin sunayen da aka aiko mata take bi. Ranar sai ya ciro naira 20,000 cif, ga kuɗin ganin likita, ga na gwaji. Albashi ya tsaya, fansho kuma sau da yawa sai an yi watanni ana zirga-zirgar takardu kafin ya fara shigowa.

Ko a ranar ya wuce ofishin NHIA na jiharsa ya biya, bai tsira nan take ba, domin sabon mai rajista yana da lokacin jira, wajen wata biyu, kafin asibiti ta fara duba shi da katin. Da ya yi rajista tun watan Janairu, yana da albashi a hannu, da sabon katin ya fara aiki kafin tsohon ya mutu. Shi da matarsa, in a ƙungiyance suka shiga, a farashin kowane kai na 2025, naira 77,436 ne a shekara. In aka raba wata goma sha biyu, bai kai naira 6,500 a wata ba, ƙasa da kashi ɗaya cikin uku na kuɗin maganinsa shi kaɗai. Wahalar ita ce a dunƙule ake nema, kuma ba a cire shi daga fansho kai tsaye yadda ake cirewa daga albashi. Wanda bai riƙa ware wani abu duk wata ba, ranar sabuntawa za ta same shi hannu wayam.

Wajen rajista a tafi da lambar NIN, a zaɓi asibiti kusa da inda za a zauna. Da yawa sukan bar Abuja ko Legas su koma gida bayan ritaya, katin kuwa asibiti guda yake sani. A kuma tambayi abin da shirin bai ɗauka ba tun kafin a biya, domin manyan ayyuka irin wankin ƙoda da maganin ciwon daji ba duka ake ɗauke wa mutum ba.

'Yan'uwanmu na Zongon Kumasi da Accra nasu ya sha bamban. A Ghana ɗan fanshon SSNIT, hukumar fanshon ƙasar, ba ya biyan kuɗin inshorar shekara, haka duk wanda ya kai shekara 70. Amma su ma in katin ya wuce wa'adinsa, sai an sabunta shi kafin ya yi musu aiki a asibiti.