Antibairus ya kama fayil ɗin gem: yadda ake gane ko ƙarya ya yi masa

Na danna gem ɗina ya ƙi buɗewa, na duba folda babu fayil ɗin .exe. Ya goge ke nan?

Bai goge ba, killace shi aka yi. Buɗe Windows Security, ka shiga Virus & threat protection, sai Protection history. Za ka ga sunan fayil ɗin, da foldar da aka ɗauke shi, da sunan laifin da aka ɗora masa. Idan ba a sauya saitin ba, Defender, antibairus ɗin Windows, na ajiye abin da ya killace kwana 90 kafin ya share, don haka ba abin gaggawa ba ne. Kwafi sunan laifin ka ajiye, za mu buƙace shi.

To in kashe antibairus ɗin kawai mana?

A'a. Kada a sake yi mini wannan tambayar.

Wani ya ce duk gem haka antibairus ke yi masa.

Wanin nan bai faɗa maka gaskiya ba. Akwai dai dalilan da ke sa a zargi gem mai tsabta: sabon fayil ne da mutane kaɗan suka taɓa buɗewa, ko mai shi bai sa masa hannu ba, ko an naɗe shi da irin su Themida da VMProtect don hana sata, kuma masu bairus ma da su suke ɓoye kayansu. Wannan ya nuna kuskure na yiwuwa. Bai nuna naka kuskure ba ne.

A shagon loda gem aka zuba mini a filas, ya kama steam_api64.dll, ya rubuta HackTool:Win32/Crack.

Nan antibairus bai yi ƙarya ba, abin da ya gani ya faɗa: an fasa fayil ɗin don gem ya tashi ba tare da an saya ba. Kuma babu hanyar da zan ba ka ta wanke shi, domin duk tabbaci ana yin sa ne da gwada fayil da na asali, shi kuwa fasasshe da gangan aka raba shi da na asali. Mai shagon ma kwafa ya yi daga wani, bai san me ke ciki ba. Na san data na da tsada. Amma in a kwamfutar nan kake shiga banki ko imel, ka bar shi inda aka killace shi.

Ni a Steam na saya, ai ba matsala ko?

Kusan kullum ba matsala. Danna dama a kan gem ɗin, Properties, Installed Files, sai Verify integrity of game files. Steam zai gwada fayilolinka da nasa, ya sake sauke wanda ya ɓata. Abin da wannan ke tabbatarwa shi ne fayil ɗinka daidai yake da wanda mai gem ya ɗora, ba wai mai gem mutumin kirki ba ne. A watan Fabrairun 2025 Valve, kamfanin da ke da Steam, ta cire wani gem na kyauta mai suna PirateFi daga Steam bayan an gano yana ɗauke da manhajar satar kalmomin sirri. Idan gem ɗin sabo ne, mai shi ba sananne ba, bi amsar da ke ƙasa kai ma.

Ƙaramin gem ne na sauke daga shafin wanda ya yi shi a itch.io. Defender ya ce Trojan:Win32/Wacatac.B!ml. Yaya zan tabbatar ba tare da na buɗe shi ba?

Yauwa, ga tambaya. Tun farko ki sani tabbaci ɗari bisa ɗari babu shi, hujjoji ake tarawa har su rinjayi zargi.

Fara da sunan. Wutsiyar nan ta `!ml` na nufin na'ura ce ta yi hasashe daga kamannin fayil ɗin, ba wai ta gane wani sanannen bairus ba. Irin wannan ne ya fi yawan kuskure a kan ƙananan gem, amma yana kama ɓarayin gaske ma, don haka kada ki tsaya nan.

Sai a fito da fayil ɗin a duba, kuma a nan mutane ke ɓata lamari, suna danna Allow on device tun ba a bincika ba. Ƙirƙiri folda wadda babu komai ciki, a ce `C:\Bincike`, ki sa ita kaɗai a Exclusions na ɗan lokaci don kada a sake kama shi. Buɗe PowerShell da Run as administrator, ki rubuta waɗannan, ki sa ainihin sunan fayil ɗinki a madadin `gem.exe`:

```
& "$env:ProgramFiles\Windows Defender\MpCmdRun.exe" -Restore -Name "Trojan:Win32/Wacatac.B!ml" -Path C:\Bincike
Get-FileHash C:\Bincike\gem.exe
Get-AuthenticodeSignature C:\Bincike\gem.exe
```

Layin farko ya maido shi can, ba cikin foldar gem ba. Kada ki danna shi sau biyu, ko da wasa. Layi na biyu zai ba ki lambar SHA256, haruffa da lambobi 64 waɗanda ke sauyawa gaba ɗaya in an taɓa ko ɗigo ɗaya a fayil ɗin. Idan mai gem ya wallafa tasa, gwada su. Na uku zai nuna sa hannu: Valid da sunan mai gem hujja ce mai ƙarfi, NotSigned ba laifi ba ne ga ƙaramin mai gem don takardar sa hannu kuɗi ce, HashMismatch kuwa na nufin an taɓa fayil ɗin bayan sa hannu, ki share shi nan take.

Yanzu kwafi lambar SHA256 ɗin ki liƙa a gurbin bincike na shafin VirusTotal, inda antibairus kusan 70 ke ba da ra'ayi. In babu shi a can ki ɗora fayil ɗin. Mutane yawan waɗanda suka yi ja kawai suke kallo, ni kuwa sunaye nake karantawa. A ce uku ne suka yi ja, suna cewa Generic ko Heuristic ko Malicious da wani maki, manya irin su Kaspersky da ESET da Bitdefender sun yi shiru: wannan ya yi kama da kuskure. Amma in biyu ko uku sun haɗu a kan suna ɗaya, kamar Lumma ko Vidar ko RedLine, sanannun manhajojin satar kalmomin sirri, an gama magana ko da sauran duk sun yi kore. Duba Details ki ga First Submission. Fayil ɗin da aka fara gani wata shida baya har yau uku ne ke zarginsa ya fi kwantar da hankali a kan wanda aka fara gani jiya, domin sabon bairus ma da uku yake farawa. In na jiya ne, jira kwana biyu ko uku ki sa a sake dubawa. A Behavior kuma, gem ba shi da hurumin leƙa inda Chrome ke ajiye kalmomin sirri, ko sa kansa cikin masu tashi da kunna kwamfuta.

Ko duk sun yi kyau, ni dai na fi so ki tura shi shafin Microsoft Security Intelligence, ki zaɓi cewa kuskure aka yi, ki kuma sanar da mai gem. In sun yarda, za su gyara a sabuntawa ta gaba, matsalar ta kau ba tare da kin buɗe wata ƙofa ba. Da kin gama, share foldar binciken, ki cire ta daga Exclusions.

Na gamsu. In sa foldar Downloads a Exclusions don in huta?

Haba malam! Foldar da duk abin da ya shigo daga intanet ke sauka? Fayil ɗin nan guda za ka keɓe, da cikakkiyar hanyarsa. Idan ka daina buga gem ɗin, cire shi daga Exclusions.

Na riga na buɗe shi kafin in karanta wannan, VirusTotal kuma ya ce Vidar.

Cire kwamfutar daga intanet. Daga wata na'urar ka sauya kalmar sirrin imel da farko, sannan banki da Steam da sauransu, ka kuma fitar da duk na'urorin da ke shige a asusunka. Bayan nan ka yi Microsoft Defender Offline scan. In da ni ne, sabon Windows zan loda.