Injin miliyan 100 da harajin da yake rage wa mai shi

Mai kamfanin casar shinkafa a Sharaɗa ya sayi sabon inji a kan naira miliyan 100, ya biya lakadan. Kuɗin sun fita rana ɗaya, amma hukumar haraji ba za ta yarda ya cire su gaba ɗaya daga ribar wannan shekarar ba, tunda injin zai yi shekaru yana aiki. Abin da doka ta ba shi shi ne rangwamen jari: kowace shekara a cire wani kaso na kuɗin injin daga riba kafin a yanka haraji. A Najeriya lissafin tsufan inji da akanta yake rubutawa a littafin kamfani ba ya rage haraji. Hukuma mayar da shi take yi cikin riba, sannan ta cire nata rangwamen da doka ta ƙayyade.

A dokar haraji ta 2025, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, injina suna samun kashi 20 cikin ɗari a shekara, motoci kashi 25, gine-gine kashi 10. Kamfanin da ya wuce matakin ƙarami kuwa yana biyan kashi 30 na ribarsa.

To, a ce injin yana kawo miliyan 40 a shekara bayan an biya wuta, man dizal, albashi da gyara. Da babu rangwame, harajin miliyan 12 ne, a bar wa kamfani 28. Da rangwamen miliyan 20, ribar da ake yanka wa haraji ta dawo 20, haraji ya zama miliyan 6. A nan ne mutane da yawa ke ruɗewa, su ce abin da ya saura 14 ne, wato 20 a cire 6. A takarda haka ne. Amma miliyan 20 ɗin rangwame ba wanda aka miƙa wa su, ba dillali ba, ba banki ba. Suna nan a asusun kamfani. Tsabar kuɗin da ya rage 40 ne a cire 6, wato miliyan 34. Tazarar 28 da 34 ita ce garkuwar haraji, kuma hanyar gano ta gajera ce: kashi 30 na rangwamen shekara. Miliyan 6 ke nan duk shekara, kimanin 30 a shekara biyar. (Na ajiye harajin raya ƙasa na kashi 4 gefe don lissafin ya fito fili.)

Sai dai kada mai injin ya ce ya saye shi a kan 70. Miliyan 100 yau ya biya, 30 ɗin kuwa a gutsure za su zo. Idan jarin da ya sa yana cin masa kashi 25 a shekara, miliyan 6 ta shekara ta biyar ba ta kai miliyan 2 a yau ba, kuma duk garkuwar ba ta wuce kimanin miliyan 16 ba. Shi ya sa a ganina masu masana'anta sun yi rashi a wannan gaɓar. Tsohuwar doka tana ba da kashi 50 tun farko, ta ƙara kashi 25 na ragowar, wato miliyan 62.5 a shekarar farko, abin da ke rage haraji da miliyan 18.75 ga mai isasshiyar riba. Jimlar ɗaya ce, amma ta wancan tsarin darajarta a yau ta kusa miliyan 21.

Garkuwar ba ta kowa ba ce. Ƙaramin kamfani da harajinsa sifiri ne, sifiri zai samu, komai tsadar injinsa. Wanda ya yi asara a shekarar, ko ribarsa ba ta kai rangwamen ba, ragowar ba ta ɓata ba, ana tura ta gaba, amma jira yana rage mata daraja. Akwai kuma sharaɗin da zai kama masu son araha: injin da ba a biya masa kuɗin kwastam ko harajin sayen kaya ba, alhali ya kamata a biya, ba ya cikin rangwame. Kafin ka yi murnar ragin da dillali ya yi maka ba rasit, ka auna shi da garkuwar da za ka rasa.

A shekara ta shida rangwame ya ƙare. Injin yana nan yana casa, ciniki bai canja ba, amma haraji ya tashi daga miliyan 6 zuwa 12, kuɗin hannu ya sauko daga 34 zuwa 28. Wanda ya tsara biyan bashin banki na shekara bakwai a kan 34 zai ga giɓin miliyan 6 a kowace ɗaya daga shekaru biyun ƙarshe.