Me ake nufi da "ɗauki dv = dx" a intagireshan kashi-kashi?

Ɗalibin da ya koyi intagireshan kashi-kashi ya san cewa dabarar ta abu biyu ce da aka ninka, kamar x·cos x ko x·eˣ. Ɗaya ya zama u, ɗayan ya shiga dv, sannan a bi ƙa'idar nan:

∫ u dv = uv − ∫ v du

To sai ga ∫ ln x dx a takardar jarrabawa. Abu ɗaya ne tilo, babu abokin ninki, kuma babu shi a jerin intagiral ɗin da aka haddace. A nan malami yakan ce "ɗauki dv = dx", ɗalibai da yawa su kwafa ba tare da sun ga daga ina ta fito ba.

Ma'anar ita ce akwai abu na biyu, ba a rubuta shi ne kawai. Kowane fankshan daidai yake da kansa sau 1, don haka ln x shi ne (ln x)·1. Sai a ba u dukkan fankshan ɗin, a bar wa dv wannan 1 ɗin tare da dx. Intagiral ɗin 1 kuwa x ne, saboda haka v = x.

Bari mu bi shi a hankali. Mun ce u = ln x, don haka du = (1/x) dx. Mun ce dv = dx, don haka v = x. Idan muka zuba su a ƙa'ida:

∫ ln x dx = x ln x − ∫ x·(1/x) dx

Dubi abin da ya rage cikin intagiral na biyu. x ɗin da muka samu daga dv ya haɗu da 1/x ɗin da ya fito daga du, suka cinye juna, ya rage 1. Intagiral ɗinsa x ne. Amsa ita ce x ln x − x + C, ga duk x da ya fi sifili, tunda a nan kaɗai ln x yake da ma'ana.

Dalilin da ya sa dabarar ta ci shi ne abin da ya kamata a riƙe, fiye da amsar kanta. Logaridim da fankshan ɗin tirigonometiri na juyi suna da hali guda: intagiral ɗinsu ba a fili yake ba, amma diribetif ɗinsu aljabara ce zalla. Na ln x shi ne 1/x, na arctan x shi ne 1/(1 + x²), na arcsin x kuma 1/√(1 − x²). Da zarar an yi musu difarenshiyeshan, logaridim ɗin ko kusurwar sun ɓace gaba ɗaya. Kuɗin da muke biya shi ne x guda ɗaya da zai shigo ya ninka diribetif ɗin, kuma a waɗannan fankshan ɗin wannan x taimako yake yi.

A arctan aka fi ganin haka. Mu nemi ∫ arctan x dx daga 0 zuwa 1. Da u = arctan x da v = x, za mu samu:

x arctan x − ∫ x/(1 + x²) dx

Wannan karon x bai soke komai ba, amma ya zauna a inda ake bukatarsa. Diribetif ɗin 1 + x² shi ne 2x, kenan abin da ke sama rabin diribetif ɗin abin da ke ƙasa ne. Sanya w = 1 + x², dw = 2x dx, intagiral ɗin ya koma ½ ln(1 + x²). Saboda haka:

∫ arctan x dx = x arctan x − ½ ln(1 + x²) + C

A x = 1, arctan 1 = π/4, don haka muna da π/4 − ½ ln 2. A x = 0 duka biyun sifili ne. Wato kusan 0.7854 − 0.3466, wanda ya ba da 0.4388. Ana iya auna wannan da ido. Layin arctan x ya tashi daga 0 ya kai 0.7854, kuma ya ɗan yi doro sama da miƙaƙƙen layin da ya haɗa farkonsa da ƙarshensa. Filin alwatikar da ke ƙarƙashin miƙaƙƙen layin 0.3927 ne, don haka amsa ta gaskiya dole ta ɗara haka kaɗan. Wanda ya manta da ½ ɗin zai samu kusan 0.092, nan take ya san akwai matsala. Wanda kuma kalkuletarsa ke kan digiri zai ga arctan 1 = 45, amsarsa ta tashi sama da arba'in. Diribetif ɗin 1/(1 + x²) a radiyan kawai yake aiki.

A arcsin alamar ragi ce ke kayar da mutane. Abin da ke rage shi ne ∫ x/√(1 − x²) dx, kuma shi kansa −√(1 − x²) ne, domin diribetif ɗin 1 − x² yana ɗauke da ragi. Ragin ƙa'ida ya haɗu da wannan ragin suka zama ƙari: x arcsin x + √(1 − x²) + C. Duk mai shakka ya yi wa amsarsa difarenshiyeshan. Idan alamar daidai take, guntaye biyu masu x/√(1 − x²) za su soke juna a bar arcsin x shi kaɗai. Idan ba daidai take ba, za su haɗu su zama ninki biyu.

Akwai wani 'yanci da ba kasafai ake nuna wa ɗalibai ba, kuma a ganina asara ce. Daga dv = dx ba dole ne v ya zama x ba. Duk x da aka ƙara wa wata lamba tsayayya yana da diribetif 1, don haka ya halatta. A ∫ ln(x + 3) dx, idan ka ɗauki v = x za ka tarar da x/(x + 3), sai ka yi rabawa tukuna. Idan kuwa ka ɗauki v = x + 3, zai soke 1/(x + 3) kai tsaye, amsa ta fito: (x + 3) ln(x + 3) − x + C.

Dabarar tana da iyaka. Gwada ta a kan sin x: za ka samu x sin x − ∫ x cos x dx, wanda ya fi na farko wahala, domin diribetif ɗin sin x bai fita daga tirigonometiri ba, ga kuma x an ƙara masa a banza. Alamar ke nan da za ka duba kafin ka fara: ka lissafa x sau diribetif ɗin a gefen takarda, ka ga ko ya fi abin da ka fara da shi sauƙi. A (ln x)² abin da ke fitowa shi ne 2 ln x, logaridim bai ɓace ba amma ya sauka mataki ɗaya, don haka zagaye na biyu zai gama aikin: x(ln x)² − 2x ln x + 2x + C. A 1/ln x kuwa abin da ke fitowa shi ne −1/(ln x)², ya ƙara nisa. Wannan ba laifin zaɓinka ba ne, domin ba a iya rubuta intagiral ɗin 1/ln x da fankshan ɗin da aka saba da su ko da wace hanya aka bi.