Tantance ra'ayin ɗalibai bayan darasi

Tantance ra'ayi hanya ce ta rarraba saƙonni masu yawa gwargwadon abin da ke ran wanda ya rubuta su. A fagen koyarwa, ana amfani da ita bayan malami ya gabatar da darasi ta rediyo ko ta bidiyo, ɗalibai kuma suka yi ta turo saƙonnin da sun fi ƙarfin mutum ɗaya ya karanta. Manufar ita ce a ware waɗanda suka yaba, da waɗanda kansu ya ɗaure, da waɗanda suke neman wani abu, domin malami ya san inda zai gyara.

Asali

Ɗaya daga cikin ayyukan farko da suka yi fice a fannin shi ne na Bo Pang da Lillian Lee da abokin aikinsu a 2002, inda suka koya wa na'ura raba sharhin fina-finai na Turanci gida biyu: yabo da suka. Hausa ta daɗe ba ta samu irin wannan ba. A 2022 Shamsuddeen Hassan Muhammad da abokan bincikensa suka fitar da NaijaSenti, tarin saƙonnin Tuwita na Hausa da Ibo da Yarbanci da Turancin Buroka waɗanda mutane suka yi wa alama da hannu. A 2023 aka faɗaɗa aikin zuwa AfriSenti, mai harsunan Afirka 14.

Abin da aka fi dogara da shi a irin waɗannan ayyuka shi ne rabo uku: mai daɗi, marar daɗi, da tsaka-tsaki. Wannan rabo bai ishi malami ba. Ruɗewa ba suka ba ce, roƙo kuma ba yabo ba ne.

Inda Hausa ke ba na'ura wahala

Bahaushe ba ya faɗa wa malaminsa kai-tsaye cewa bayani bai fito ba. Sai ya yi sallama, ya yi addu'a, sannan ya saƙa damuwarsa a ƙarshe: "Salamu alaikum Malama, Allah ya saka da alheri, ya ƙara basira. Sai dai wurin awon nan ne ban gane ba." Na'urar da ke ƙirga kalmomi masu daɗi za ta jefa wannan saƙo a kwandon yabo, alhali marubuciyarsa tambaya ta zo yi. Saboda haka ake ba saƙo ɗaya damar ɗaukar alama fiye da ɗaya, kuma ake yanka shi a gaɓar "amma" ko "sai dai", a duba kowane ɓari daban. Galibi abin da ya biyo bayan gaɓar shi ne maganar.

Korewa ma tarko ce. "Na gane" da "ban gane ba" kalmar aikinsu ɗaya, ma'anarsu kishiyar juna. Ga kuma "ba dama" da "ba a magana", masu siffar korewa amma yabo ne, da "sai a hankali", wadda ba ta da kalma ko ɗaya marar daɗi amma ƙorafi ce. Gatse ya fi duka wuya. "Lallai an koya mana" na iya zama godiya, na iya zama baƙar magana, kuma ko mutum sai ya ga abin da ke kewaye da ita kafin ya yanke.

Sai rubutu. Mafi yawan masu waya ba sa sa lanƙwasa, don haka "ƙara" da "kara" sukan zo iri ɗaya. Wasu na haɗe kalmomi su rubuta "banganeba". Bakatsine kuma yakan rubuta yadda yake furtawa, "mi" a madadin "me", "hwara" a madadin "fara". Kafin komai ana daidaita rubutun, sannan a nemi alamun ruɗewa:

```python
import re
t = t.lower().translate(str.maketrans("ƙɓɗ", "kbd"))
rudewa = re.search(r"\bban\s*(gane|fahim)", t)
```

Cire lanƙwasa na ɓatar da wasu bambance-bambancen ma'ana, amma ya fi a bar kalma ɗaya ta rabu biyu a idon na'ura.

Misali a aikace

A ɗauka wata malama a unguwar Ƙofar Ƙaura cikin Katsina ta koyar da haɗa sabulun ruwa, aka turo mata saƙo 4,000. Alƙaluman na misali ne, amma matakan haka suke.

Da farko ana zubar da saƙonnin da aka maimaita. Daga nan a zaɓi 700 ta hanyar ƙuri'a, ba na farko-farko ba, domin masu saurin turo saƙo galibi masoya ne, masu tambaya kuwa sai sun gwada haɗin ya ƙi. Mutum biyu su karanta kowane saƙo, kowa shi kaɗai, su sa masa alamar yabo, ruɗewa, buƙata, ko sauran. Idan suna yawan saɓawa, laifin na ƙa'idar ne, a zauna a gyara ta. Ana auna dacewarsu da ma'aunin kappa na Jacob Cohen, na 1960, wanda ke cire dacewar da sa'a kaɗai za ta iya kawowa. Wurin da aka fi saɓawa shi ne saƙo irin "don Allah a sake maimaitawa". Siffarsa roƙo, tushensa ruɗewa, kuma ya fi dacewa ya ɗauki alamun biyu.

Da saƙo 500 ake horar da na'ura, a ɓoye 200 don jarrabawa. A ce cikin 200 ɗin nan, 40 ne mutane suka yi wa alamar ruɗewa. Na'ura ta nuna 35, aka duba aka ga 28 ne daidai. Ke nan cikin abin da ta nuna, kashi 80 cikin ɗari gaskiya ne, amma cikin masu ruɗewa na ainihi kashi 70 kawai ta kamo, 12 sun sulale. Lamba ta biyun ce ta fi damun malami. Saƙon yabo da ya faɗo cikin kwandon ruɗewa, daƙiƙa kaɗan zai ci a karanta a wuce. Ɗalibar da aka rasa kuwa tana can da bokitin haɗi da ya lalace.

Akwai wata lamba mai yaudara. Na'urar da ba ta san komai ba, wadda kowane saƙo take cewa babu ruɗewa, za ta dace a 160 cikin 200, wato ita ma kashi 80. Duk wanda ya kawo lamba ɗaya tal ya ce na'urarsa ta ƙware, a tambaye shi sakamakon kowane rukuni.

Bayan an gamsu, sai a saki na'urar kan sauran saƙonnin. Sanin cewa ɗaruruwa sun ruɗe bai gyara komai ba sai an gano a ina. Ana tara saƙonnin ruɗewa a duba kalmomin da suka fi maimaituwa. Idan "giram" da "gwangwani" da "cokali" suka yi ta fitowa tare, an gane malama ta faɗi awo da sikeli, ɗalibanta kuwa da gwangwanin madara suke awo. Wannan gyaran minti biyu ne a darasi na gaba.

Iyaka

Yawa ba shi ne nauyi ba. Mai yiwuwa saƙo shida kacal ne suka tambaya ko ruwa ake zuba wa kostik soda ko ita ake zubawa a ruwa. A ƙirga ba za su fito ba, amma su ya kamata a fara amsawa, domin ita ake zubawa cikin ruwa a hankali. Juya tsarin na iya sa haɗin ya tafasa ya fantsamo ya ƙona jiki. Shi ya sa ake ajiye jerin kalmomi irin "ƙuna" da "ido" da "hayaƙi", duk saƙon da ya ƙunshe su mutum ne zai karanta.

Na'urar da aka horar da saƙonnin sabulu ba lallai ta yi aiki kan darasin kiwon kaji ba, sai an sake gwada ta da sabon samfuri. Saƙon murya, wanda mata da yawa suka fi sakin jiki da shi, dole a mayar da shi rubutu tukuna, kuma kurakuran wannan mataki suna bin saƙon har cikin rabo. Kafin a miƙa saƙonni ga masu sa alama, ana goge sunaye da lambobin waya.