Kafshan Ɗin Bidiyon Neman Taimako: Mene Ne Shi, Kuma Yaya Ake Rubuta Na Gaskiya?

Kafshan shi ne ɗan rubutun da ake maƙalawa a ƙasan hoto ko bidiyo idan za a saka shi a Facebook, WhatsApp, TikTok ko Instagram. A bidiyon biki ko na talla, ko an rubuta shirme ba wanda zai cutu. Bidiyon neman taimako kuwa da rubutunsa mutum yake yanke shawarar taɓa aljihunsa. Bidiyon yana nuna halin da ake ciki, ga mara lafiya a kwance, ga rufin makaranta iska ta yaye. Kafshan ɗin ne yake faɗa wa mai kallo wanda ke roƙo, nawa ake nema, ina kuɗin za su shiga, da kuma ranar da za a daina karɓa. Duk kafshan ɗin da ya rasa waɗannan amsoshi, ko da mai shi mutumin kirki ne, ya bar ƙofa a buɗe ga zargi da kuma ɓarayi.

Mu ɗauki misali ɗaya mu bi shi daki-daki. Mu ƙaddara wata dattijuwa ce a Anguwan Rogo a Jos, mai sayar da ƙosai, keke ya kaɗe ta ta karye a cinya. Likita ya ce sai an yi aiki an sa mata ƙarfe. Asibiti ya rubuta naira 1,200,000 na aikin da ƙarfen da magani. 'Ya'yanta da dangi sun haɗa 450,000, saura 750,000. Matasan unguwa suka ɗauki bidiyo, aka ce wani ya rubuta abin da za a sa a ƙasa. Abin da hannu ya saba rubutawa shi ne irin wannan:

"Innalillahi! Jama'a ku taimaka, baiwar Allah za ta mutu! Duk wanda ya ga wannan ya wuce bai taimaka ba Allah zai tambaye shi. Idan kana da imani ka tura wa mutum goma."

Wanda ya rubuta haka tausayi ne ya cika shi, ban musa ba. Amma ka duba abin da ya faɗa. Likita bai ce za ta mutu ba, cewa ya yi idan aka yi jinkiri ƙashin zai iya haɗewa a karkace ta rasa tafiya daidai. Wannan ma ai babban abu ne ga mai neman abinci da ƙafarta, kuma shi ne gaskiya. Sannan rubutun bai faɗi adadin kuɗi ba, bai faɗi rana ba. Abin da ya rage a ciki barazana ce ga mai karatu, wanda wataƙila shi ma yana da mara lafiya a gida, ko albashinsa ya ƙare tun tsakiyar wata. Ba ka san halinsa ba, ka riga ka ɗora masa laifi a gaban Allah.

Tilastawa a kafshan ba ta wuce kala uku da ake yawan gani. Akwai sa wa mai karatu jin laifi, kamar "kana cin kaza wata tana kuka". Akwai gaggawar ƙarya, a ce saura awa ashirin da huɗu alhali babu likitan da ya yanke wannan wa'adi. Akwai kuma kiran sunayen masu kuɗi ko 'yan siyasa a bainar jama'a don a kunyata su su bayar. Addini bai goyi bayan ko ɗaya ba. A Suratul Baƙara aya ta 273 an yabi mabuƙatan da ba sa roƙon mutane da naci. Maƙwabtanmu Kirista a Jos su ma suna karanta a 2 Korintiyawa 9:7 cewa kowa ya bayar yadda ya yi niyya a zuciyarsa, ba da ɓacin rai ko tilas ba. Kwaɗaitar da mutum da lada halal ne, ka ce "Allah ya saka wa wanda ya bayar". Yanke masa hukunci don bai bayar ba kuwa ba hurumin mai roƙo ba ne.

To ga yadda zan rubuta wa dattijuwar nan:

"Muna neman naira 750,000 domin aikin ƙashin cinyar wata mahaifiyarmu a Anguwan Rogo, Jos. An rubuta wannan ranar Litinin, 3 ga Maris, 2025. Keke ne ya kaɗe ta. Asibiti ya rubuta 1,200,000, iyalinta sun haɗa 450,000. Likita ya ce jinkiri zai iya hana ƙashin haɗewa daidai. Ita da babban ɗanta sun ga bidiyon sun yarda a saka shi. Asusun na ƙungiyar matasan unguwarmu ne, ga sunan banki da lamba da sunan da zai fito maka kafin ka tura. Idan wani suna daban ya fito, kada ka tura. Za mu rufe karɓa ranar 24 ga Maris ko ranar da kuɗin suka cika. Abin da ya yi rara za a sa shi a maganinta da gashin ƙashi bayan aiki, kuma za mu nuna rasit. Mai son ganin takardar asibiti ya kira wannan lamba. Wanda bai da hali, addu'arsa ta wadatar, Allah ya buɗa wa kowa."

Dalilin da ya sa adadin kuɗi da sunan unguwa suka zo a jimlar farko shi ne manhajojin nan suna datse rubutu. A Instagram layi biyu ko makamancin haka kawai ake gani, kusan haruffa 125, sauran sai an taɓa. A Facebook ma sai mutum ya danna See more. Idan ka cinye wannan ɗan fili da salati da alamun kuka, mai wucewa bai san me ake nema ba. Sallama da addu'a suna da wurinsu, amma su ɗan matsa ƙasa.

Abin da na fi so mai rubutu ya riƙe shi ne kwanan wata, har da shekara. Bidiyo ba ya mutuwa. Wanda aka ɗauka a Jos yau zai kai guruf ɗin 'yan kasuwa a Abuja gobe, bayan wata takwas kuma ya dawo wayar wanda ya ɗauke shi, da tambarin Forwarded many times a samansa. A lokacin an daɗe da sallamar dattijuwar, ko kuma Allah ya yi mata rasuwa, amma mutane suna ta tura kuɗi. Idan asusun na mutum ɗaya ne, an jefa shi cikin jarrabawa: dubu biyar ta shigo yau, dubu goma gobe, ba wanda ya sani sai shi. Da yawa daga cikin rigimar da ake yi kan kuɗin taimako daga nan take farawa, ba daga niyyar sata tun farko ba. Ranar rubutu da ranar rufewa suna kashe wannan matsala da layi biyu.

Akwai kuma masu sauke bidiyon su sake saka shi da lambar asusunsu. Kafshan ba ya bin bidiyon da aka sauke aka sake ɗorawa, don haka duk abin da ke da muhimmanci a faɗe shi da baki a cikin bidiyon: kwanan wata, adadin kuɗi, da sunan asusu. Lambar asusun banki a Najeriya guda goma ce, kuma manhajar banki tana nuna sunan mai asusun kafin a tura. Shi ya sa rubuta sunan yake kare mai bayarwa fiye da rubuta lambar kaɗai. Mai karatu shi ma ga ma'auninsa: idan an ce ƙungiya ce ke tarawa amma sunan mutum ɗaya ya fito, ko lambar da ke rubutu ta saɓa da wadda aka faɗa a bidiyo, ko an kira waya an ƙi nuna takardar asibiti, to ya dakata.

Ƙungiyar da ta mai da wannan aiki na yau da kullum ya kamata ta yi rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC a matsayin amintattu, ƙarƙashin dokar kamfanoni ta 2020, ta kuma yi rajista da SCUML, sashen yaƙi da halatta kuɗin haram da ke ƙarƙashin EFCC, domin bankuna kan nemi waɗannan takardu kafin su buɗe asusu da sunan ƙungiya. Idan akwai lambar rajista, a sa ta a kafshan. Idan babu, a faɗa a fili cewa asusun na ɗan mara lafiyar ne ko na wani dattijo da unguwa ta amince da shi, kuma mutum biyu suna ganin alat. Wannan ba abin kunya ba ne. Ƙarya ce ke da hatsari, domin karɓar kuɗi da bayanin ƙarya laifi ne ƙarƙashin dokar damfara ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20.

Sai mutuncin wadda ake roƙo dominta. Layin nan da ya ce ta ga bidiyon ta yarda ba ado ba ne. Dokar kare bayanan mutane ta 2023 ta sa bayanin lafiya cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman, kuma idan yaro ne sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Ko ba doka, dattijuwar nan za ta warke ta koma bakin kaskonta, jikokinta suna zuwa makaranta da 'ya'yan waɗanda suka kalli bidiyon. Kada a rubuta cewa 'ya'yanta sun yi watsi da ita don a ƙara tausayi. Kada a nuna ciwo a buɗe ko a sa ta kuka a gaban waya. Takardar asibiti idan za a nuna, a rufe lambar kati da adireshin gida.

Wani abin da ake mantawa shi ne zakka. Masu bayarwa, musamman a watan azumi, sukan so su san ko za su iya sa zakkarsu. Zakka tana da mutanenta kashi takwas da aka ambata a Suratut Tauba aya ta 60. Idan malamin unguwa ya tabbatar dattijuwar tana cikinsu, a rubuta. Idan ba a tambaya ba, a yi shiru a kai.

Aikin bai ƙare da sakawa ba. Mu ce bayan mako ɗaya an samu 500,000. Sai a koma kan rubutun farko a gyara shi, a sa a samansa: "Zuwa 10 ga Maris an samu 500,000, saura 250,000." A Facebook da Instagram ana iya gyara rubutu bayan an saka, a WhatsApp kuwa idan an wuce minti goma sha biyar da turawa sai dai a tura sabon saƙo ga duk guruf ɗin da aka tura na farko. Ranar da kuɗin suka cika, a rubuta da manyan baƙaƙe a layin farko cewa an rufe, kada a ƙara turawa. Idan 812,000 ne suka shigo, a faɗi 812,000, a nuna rasit ɗin 750,000 da aka biya asibiti, a ce ragowar 62,000 sun tafi maganinta da gashin ƙashi kamar yadda aka faɗa tun farko. Idan kuma Allah ya karɓi ranta kafin a yi aiki, kuɗin ba su zama na ƙungiya ba. A sanar, a ba mai son a mayar masa da nasa kwanaki ya yi magana, sauran kuma a zauna da iyalinta da dattawan unguwa a yanke inda za su, a rubuta shi a ƙarƙashin bidiyon da aka yi roƙon da shi.